Maki biyar ɗin da Malam ya yi mana alkawari

Ina aji uku a jami'a lokacin da abin ya faru, ina da aure da goyon ɗa ɗaya, muna zaune a unguwar Mabera a Sakkwato. Kullum da sassafe nakan kai yaron gidanmu wurin Inna, in hau kabu-kabu in nufi makaranta. A zangon farko na shekarar muna da wani kwas mai yunit 3, wato nauyinsa a lissafin sakamako, wanda kowa ke jin tsoronsa, lakcarsa kuma ƙarfe takwas na safe ce, sau biyu a mako. Ranar farko da Malam ya shigo ya ga aji rabi babu kowa, sai ya ce da mu: "Duk wanda ya riƙa zuwa lakca, akwai maki biyat da za ni ƙara mai." Da baki ya faɗa, bai rubuta a allo ba, mu ma babu wanda ya ɗaga hannu ya nemi ƙarin bayani. Na rubuta "ƙarin maki 5" a bangon littafina na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Tsarin makarantarmu a lokacin shi ne wanda yawancin jami'o'in ƙasar nan ke bi. Maki 100 ne a kowane kwas: 30 na gwaje-gwajen cikin zango, wanda muke kira si'e, 70 kuma na babbar jarrabawa. Daga 70 zuwa sama A ne, mai daraja 5. Daga 60 zuwa 69 B, mai daraja 4. Daga 50 zuwa 59 C, mai daraja 3. D na tsakanin 45 da 49, E na tsakanin 40 da 44, abin da ya gaza 40 kuma faɗuwa ce, sai an sake kwas ɗin. Ɗalibi bai cika damuwa da bambancin 63 da 67 ba, don duk B ne. Inda rai ke tashi shi ne bakin iyaka, tsakanin 59 da 60.

Malam ya yi mana tes biyu, kowanne bisa 20, da jinga ɗaya bisa 10. Na samu 13 a na farko, 14 a na biyu, 7 a jinga. Jimilla 34 bisa 50 ke nan. Na san cewa za a mayar da 50 ɗin zuwa 30, kuma na iya lissafin: a ninka 34 da 30 a raba da 50, ya ba da 20.4. Har nan ban yi kuskure ba.

Cikin hunturu Inna ta kwanta. Ciwon da ya fara kamar mura ya sauka mata a ƙirji, aka ba ta gado a asibiti kusan mako biyu. Ni ce 'ya mace babba, yayyena maza suna kasuwa, don haka ni na kwana da ita. Lakca huɗu na kwas ɗin nan suka wuce ni. A duk zangon sau 24 Malam ya shiga aji, na halarci 20. Akwai dokar makaranta da ta ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, wato 18 cikin 24, to wannan na tsallake ta. Da na ga na tsallake, sai zuciyata ta ɗauka cewa maki biyar ɗin ma sun zama nawa. Ban raba dokar shiga jarrabawa da ƙarin makin ba, alhali abubuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba.

Daren da aka kafe jadawalin jarrabawa na zauna da kalkuleta. Na ce 20.4 a haɗa da 5 ya zama 25.4. Ina neman B, wato 60. Saura 34.6, a ce 35 bisa 70, rabi ke nan cif. Hankalina ya kwanta. Washegarin ranar wannan takarda akwai wata mai wuya da nake jin tsoron faɗuwa, sai na kwashe yawancin kwanakin karatuna na ba waccan. Ranar jarrabawar kanta, tambaya ta farko dole ce mai maki 25, sannan a zaɓi uku masu 15 kowace. Na amsa su, saura wani ɓangare na ƙarshe mai maki 5 wanda na san wani abu a kansa amma ba sosai ba. Na ƙiyasta abin da na rubuta na ga ya haura 35. Saura minti 15 a tashi, nono ya cika mini ƙirji, na san yaro na can yana kuka wurin Inna da ba ta gama warwarewa ba. Na miƙa takardata na fita, ɓangaren nan babu ko layi ɗaya.

Da sakamako ya fito aka manna a allon sashe, na bi lambata da yatsa. Si'e 23, jarrabawa 36, jimilla 59, C.

Na daɗe a tsaye wurin. Jarrabawa ta ba ni abin da na nema har da ƙarin ɗaya. A lissafina 25.4 da 36 sun kai 61.4. To ina sauran? Na cire 20.4 daga 23 na ga abin da aka ƙara mini bai kai 3 ba. Nan take na yanke hukunci cewa Malam ya zaftare mini rabin makin saboda lakca huɗun nan. Yunit 18 na ɗauka a zangon. Da B na samu, jimillar darajata 64 ce, a raba da 18 ya ba da 3.56. Da C ɗin sai ta tsaya a 61, wato 3.39. A tsarin da ake bi 3.50 ita ce iyakar da ke raba digiri mai babbar daraja ta biyu da mai ƙaramarta, kuma tun aji ɗaya nake fafutukar in tsaya a samanta.

Abin da na fi jin kunyarsa yau ba lissafin ba ne. Kusan mako uku na yi ina ɗauke da abin a zuciya, kuma ba Malam kaɗai na ƙullata ba. Na riƙa jin haushin yayyena, ina cewa da ɗayansu ya karɓe ni ko da safiya biyu ce da ban rasa B ba. Har akwai ranar da Inna ta tambaye ni sakamako na amsa mata a daƙile. Ta dube ni ta ce: "Ɗiyata, ko jinyar da kiy yi min ce ta ja?" Na ce a'a, amma muryata ta riga ta ba ta wata amsar. Ta yi shiru. Wannan shirun ya fi C ɗin ci mini rai.

Maigidana ne ya ce in daina shari'a ni kaɗai a ɗaki, in je in tambaya. Na samu Malam a ofishinsa bayan azahar, na gaishe shi na ce: "Allah shi gafarta Malam, ba ƙorafi niz zo yi ba, so nike in gane yadda anka yi lissahin si'e nawa." Bai nuna ɓacin rai ba. Ya jawo babbar takardar maki ya ce in matso da kujera, ya miƙo mini biro ya ce ni zan yi lissafin da hannuna.

Tambayarsa ta farko ita ce sau nawa na zo aji. Na ce 20 cikin 24. Ya ce to maki biyar ɗin ba kyauta ce ta bai ɗaya ba, gwargwadon zuwa ake ba da su. A raba 20 da 24 a ninka da 5. Na danna, ya ba da 4.17. Na ce to ko da haka ne, 20.4 da 4.17 da 36 sun kai 60.57, B ne har yanzu. Sai ya yi murmushi ya ce: "Malama, ina kiz zuba su? Nan ne maganar take."

Ya nuna mini jerin gidajen takardar daga hagu zuwa dama: tes na ɗaya, tes na biyu, jinga, halarta, sannan jimilla bisa 50, sannan si'e bisa 30. Gidan halarta yana kafin a mayar da maki zuwa 30, ba bayansa ba. Wato ana zuba ƙarin cikin ɗanyen makin, sannan a matse duka tare. Na haɗa 34 da 4.17 na samu 38.17. Na ninka da 30 na raba da 50, ya ba da 22.9. Na ɗora 36, ya zama 58.9, aka cike shi zuwa 59. Babu inda aka cire mini ko ɗigo.

Abin da ban gane ba sai ranar shi ne cewa duk makin da ya shiga tukunyar 50 ɗin nan ƙanƙancewa yake yi kafin ya fito. Tunda 50 ake mayarwa 30, kowane maki ɗaya yana komawa 0.6. Maki biyar na halarta, ko ga wanda bai taɓa fashi ba, 3 ne kacal a sakamakon ƙarshe. Ni kuwa na ɗauke su a matsayin biyar cikakku na ɗora a saman 100. Tsakanin abin da na zata da abin da na samu akwai maki 2.5, kuma 2 daga ciki ba su da alaƙa da fashina ko kaɗan.

Sai Malam ya ce in gwada wani abu: in ɗauka ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Na haɗa 34 da 5, 39 ke nan. A ninka da 0.6, ya zama 23.4. A ɗora 36, ya zama 59.4. A cike, 59. C.

Na sake dannawa don ban yarda ba. Haka ya sake fitowa. Lakca huɗun da na rasa ina gefen gadon Inna rabin maki suka ci mini gaba ɗayansu, kuma ko da ban rasa rabin nan ba, C ɗin na nan. Kowace lakca ɗaya darajarta 0.125 ce a sakamakon ƙarshe. Sai mutum ya zo aji sau takwas kafin ya tara abin da maki ɗaya na babbar jarrabawa ke bayarwa. Da 37 na samu a maimakon 36, jimillata 59.9 ce, a cike ta koma 60. Maki ɗaya, ga shi kuma na bar tambaya mai maki 5 babu amsa da minti 15 a hannuna. Hawaye suka zubo mini a gaban Malam, ya kau da kai yana duba wasu takardu har na share fuskata.

Kafin in tashi ya nuna mini wani layin ba tare da ya bari na ga suna ko lamba ba. Mai shi ya samu 48 bisa 50 kuma bai taɓa fashi ba. Da ƙarinsa ya kai 53, amma si'e ba ya wuce 30, don haka aka tsayar da shi a 50. Maki 2 kawai suka shiga cikin biyar ɗin, waɗanda suka koma 1.2. Malam ya ce shi ma ya zo yana tambayar ina sauran nasa. Sannan ya faɗi wata magana da ta ƙara masa girma a idona. Ya ce lissafinsa daidai ne, amma da ya rubuta mana ƙa'idar a allo tun ranar farko da ban gina shirina a kan 35 ba, kuma wannan ɓangaren nasa ne.

Daga ofishin na wuce gidanmu kai tsaye. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe, yarona na wasa kusa da ita. Na durƙusa na ce: "Inna, ki yahe min. Ba jinyarki ba ce, na ga lissahin da idona. Ko da ban yi fashi ba abin da za ni samu ke nan." Ba ta san si'e ba, ba ta san yunit ba, amma ta gane abin da nake nufi. Ta ce ba komai, ta sa mini albarka, ta ce in ɗauki yaro in ba shi nono. Yayyena ba su taɓa sanin na ƙullace su ba, amma na je na gaishe su a shago a makon, don raina ya san abin da ya ɗauka.

Daga zangon da ya biyo baya, duk malamin da ya ambaci ƙarin maki sai na bi shi bayan lakca da tambayoyina. A ina za a zuba shi, cikin ɗanyen si'e, ko bayan an mayar da shi 30, ko a saman jimillar 100? Gwargwadon zuwa ne ko sai wanda ya kai wani adadi? Akwai iyakar da ba ya wucewa? Na tarar kowa da nasa salon. Wani a saman jimilla yake ɗorawa, biyar ɗinsa biyar ce. Wani kuma halartar tana cikin 30 ɗin tun asali, 25 na tes da jinga, 5 na zuwa aji. Wannan ba ƙari ba ne sam, ko da an kira shi haka, domin wanda ya yi fashi asara yake yi daga makin da kowa ke da haƙƙinsa. Na kuma haɗu da malamin da ya ce ƙarinsa ba ya fitar da wanda ya faɗi, idan tes da jarrabawa ba su kai 40 da kansu ba, zuwa aji ba zai cike ba. Ina ganin wannan yana da hujja, matuƙar an faɗa tun da wuri. Na kuma koyi tambayar da me ake rabawa, da yawan lakcocin da ke jadawali ko da waɗanda aka yi da gaske. Idan an tsara 28 aka yi 24, wanda bai taɓa fashi ba zai rasa wani abu in aka raba da 28, a kan ranakun da ba shi ya ƙi zuwa ba.

Yau ni ma koyarwa nake yi a wata kwaleji a nan Sakkwato, kuma tsarinmu 30 da 70 ne. Na riƙe salon Malam na zuba ƙarin cikin ɗanyen maki, domin ba na son zama a kujera kawai ya ɗaga ɗalibi rabin daraja guda, ga shi kuma duk wanda ya taɓa riƙe takardar halarta ya san ana sa wa juna hannu. Abin da na sauya shi ne ranar farko ina rubuta ƙa'idar a allo, in kawo misali da lambobi, in faɗa musu ƙarara cewa biyar ɗin nan uku ce a ƙarshe. A kwamfuta kuma da layi ɗaya nake lissafin a Excel, inda gidajen B da C suke tes biyu, D jinga, E yawan zuwa, F jarrabawa:

```
=ROUND(MIN(B2+C2+D2+5*E2/24,50)*30/50+F2,0)
```

`MIN` ɗin shi ke hana ɗanyen maki wuce 50, `ROUND` kuma yana cike lambar sau ɗaya tak a ƙarshe. Wannan cikewar ta taɓa ba ni wahala a shekarata ta farko. Ban sa `ROUND` ba, na dai saita gidan ya ɓoye abin da ke bayan ɗigo. Wani ɗalibi ya samu 59.6, allo ya nuna 60, amma gidan da ke fitar da harafi ya rubuta C, domin kwamfutar da 59.6 take aiki ba da abin da ido ke gani ba. Na gano ne da na ga 60 da C a layi ɗaya kafin in miƙa sakamako. Haka kuma ba na cike tes daban, halarta daban, si'e daban, don ƙananan cikon nan suna taruwa su ɗaga wani ko su sauke wani da maki guda ba tare da ya yi komai ba.

A zangon da ya wuce wata ɗaliba ta same ni ana saura mako ɗaya jarrabawa, da goyonta a baya. Ta ce: "Malama, na lissafa, 28 kawai nike nema in samu C." Na ce ta zauna, na ba ta biro. Ɗanyen makinta 29 bisa 50, ta zo aji sau 22 cikin 24. Ta mayar da 29 zuwa 17.4 ta ɗora 5, shi ya ba ta 22.4, kamar yadda na yi a shekarun baya, duk da na rubuta ƙa'idar a allo. Muka sake daga farko. Halartarta 4.58 ce, a haɗa da 29 ya zama 33.58, a ninka da 0.6 ya zama 20.15. Daga 50 saura 29.85. Ta soke 28 ta rubuta 30 a bangon littafinta. Na tambaye ta wa ke riƙe mata yaron ranar jarrabawa, ta ce kishiyar uwarta. Na ce ta ba shi nono ya ƙoshi kafin ta shiga, kuma kada ta miƙa takarda sai an ce a ajiye biro.